"Jinina ma bai ishe ni ba": amsar jami'ar lafiya ga masu tsoron allura

Duk inda aka kafa rumfar karɓar gudummawar jini, a harabar masallacin Juma'a ne ko a filin makaranta, za ka ga 'yan kallo sun fi masu kwanciya yawa. Suna tsaye nesa kaɗan, hannu a aljihu, kowa na jiran wani ya fara. Saboda su ne jami'ar lafiya takan karɓi lasifika kafin a soma aiki. Gogaggiya a cikinsu ba ta ɓata lokaci wajen wa'azin lada, domin ta san liman ya riga ta. Abin da ya hana mutane matsowa tsoro ne, shi take tunkara kai tsaye.

Takan ɗaga leda sabuwa, wadda ba a buɗe ba, kowa ya gani. "Iyayena, yayyena da ƙannena, ga abin da za mu cika. Mililita 450 ne, bai kai ledar fiyawata ɗaya ba. Na san akwai mai cewa a ransa jininsa ma bai ishe shi ba. To, bari mu yi lissafi." Sai ta nuna wani saurayi cikin taron. "Kai ƙanena, a ce nauyinka kilo 60 ne. Kowane kilo na jikin baligi yana tafiya da wajen mililita 70 na jini, ka ga kana ɗauke da lita huɗu da 'yan kai ke nan. Abin da za mu ɗiba kusan kashi ɗaya cikin goma ne. Wanda bai kai kilo 50 ba kuwa, ko ya roƙe mu ba za mu taɓa shi ba, don a jikinsa ledar nan ta yi yawa."

A nan ne masu jawabi da yawa ke zamewa, su ce jini yana dawowa cikin kwana ɗaya. Rabin gaskiya ke nan, kuma jami'a ta ƙwarai takan faɗi sauran rabin. Ruwan jinin ne ke cikowa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, idan mutum ya sha ruwa sosai. Jajayen ƙwayoyin da ɓargo ke ƙerawa sai sun ɗauki mako huɗu zuwa shida, sinadarin ƙarfen da aka rasa kuma ya fi haka jinkiri, har watanni. Shi ya sa ake cewa namiji ya jira wata uku kafin ya sake bayarwa, mace kuma wata huɗu, tunda ita tana rasa jini kowane wata a al'ada. A ganina, faɗin wannan ya fi kwantar da hankali fiye da ɓoye shi. Mutumin da aka gaya wa cewa zai iya jin 'yar kasala in ya hau bene a makon farko ba zai firgita ba idan ta zo. Maganar raguwar ƙarfin namiji kuwa, a taƙaice take sallamarta: ba abin da ya haɗa su.

Daga nan takan bi matakan ɗaya bayan ɗaya, don abin da ido bai sani ba shi zuciya ke tsoro. Za a tambayi shekaru, daga 18 zuwa 65. A hau sikeli, a auna hawan jini, sannan a tsaga ɗan yatsa a duba ƙarfin jinin. A wasu wurare na'ura ce ke ba da lamba, a wasu kuma ana ɗiga jinin cikin wani shuɗin ruwa: in ɗigon ya nutse cikin daƙiƙa 15, jinin ya isa, in ya tsaya yana yawo, sai a ce mutum ya je ya ci abinci mai gina jiki ya dawo wani lokaci. Mai juna biyu, mai shayarwa, wanda bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ba da mai sikila, duk ba a ɗibar nasu. Mai AS da ke da lafiya, a galibin wurare ana karɓa. Mai azumi ya bari sai ya sha ruwa ya ci abinci. Ɗibar kanta ba ta cika wuce minti goma ba, kuma allurar a manne take da ledar tun daga kamfani, sau ɗaya ake aiki da ita a jefar. Ba yadda za a yi mai bayarwa ya ɗauki cuta ta wannan hanya.

"Hajiya, kin ce kin taɓa ganin wani ya faɗi? Gaskiya ne, yana faruwa." Ba ƙarewar jini ke kawo suman ba. Tsoro, yunwa ko zafin rana ne ke sa bugun zuciya ya yi sanyi, jijiyoyi su saki, jinin da ke hawa kai ya ragu na ɗan lokaci. Yana da alamun da ke riga shi zuwa: hamma, gumi mai sanyi, tashin zuciya, ido ya fara ganin duhu. Wanda ya ji haka ya yi magana nan take, kada ya daure don kunya, kuma samari ne suka fi wannan taurin kai. Za a cire allurar, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa sama, cikin 'yan mintuna ya dawo daidai. Rigakafin kuma mai sauƙi ne: a ci abinci kafin a zo, a sha ruwa kamar rabin lita, kuma kada a zabura a miƙe da zarar an gama.

Akwai tsoron da ba a faɗa a bainar jama'a, wato sakamakon gwaji. Kowace leda sai an gwada ta don cututtuka huɗu: ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da nau'in C, da tunjere. In an ga wani abu, mai jinin kaɗai za a kira a keɓe, kuma da yawa ta haka suke gano ciwon hanta tun bai yi musu ɓarna ba. Amma takan ja kunne da murya mai nauyi: kada kowa ya zo ba da jini don kawai ya san matsayinsa. Sabuwar cuta tana iya yin kwanaki ko makonni a jiki gwaji bai gan ta ba, alhali tana iya kama wanda aka ƙara wa jinin. Don haka tambayoyin sirrin da ake yi kafin ɗiba suna bukatar gaskiya tsantsa.

Tambaya mafi zafi takan fito daga dattawa: "'Yata, mu ba ku kyauta, ku sayar mana a asibiti?" Jami'ar kirki ba ta musun cewa akwai 'yan cuwa-cuwa da ke shawagi a ƙofar wasu asibitoci suna cinikin jini. Sai dai ta bambance wannan da kuɗin da ake karɓa a hukumance, wanda na leda ne, da kayan gwajin nan huɗu, da gwajin dacewar jinin da na majinyaci, da wutar firij. Jini sai an ajiye shi a sanyin digiri 2 zuwa 6 dare da rana, kuma ko an yi haka, kwana 35 ne wa'adinsa a irin ledar da aka fi amfani da ita. Wannan wa'adi shi ne dalilin da ya sa ba a iya tara jini sau ɗaya a huta, ga masu haihuwa da jini ya ɓalle musu, ga yaran da zazzaɓin cizon sauro ya shanye da damina. Shawararta ita ce duk wanda ya biya kuɗi ya nemi rasit.

Bayan an cire allura, a danne wurin da auduga na wasu mintuna, hannu a miƙe, a zauna kwata ɗaya ana shan lemo. Ranar nan babu ɗaukar buhu, babu ƙwallo, babu hawa gini, ɗan acaɓa ma gara ya jingine babur. In wurin ya yi ɗan baƙi, jini ne ya tsiyaya ƙarƙashin fata, zai washe cikin mako ɗaya ko biyu, amma kumburin da ke ƙaruwa ko hannu ya riƙa mutuwa, wannan a koma asibiti.