Wa Zai Gyara Kwanon Shagon?

Ƙanena tela ne. Da ya sami shagon haya a bakin titi, dillali ya miƙa masa takarda mai shafi huɗu da Turanci, ya ce ya sa hannu kafin Juma'a. Hayar shekara naira dubu 600, da kuɗin ajiya dubu 100. Ya kawo mini ita bayan sallar isha'i, ya ce, “Yaya, duba mini nan. Idan kwano ya yi yoyo, ni zan gyara ko Alhaji?”

Na karanta sashe na bakwai sau uku ban iya ba shi amsa ba. Ga shi da Hausa, na bar shi a cukurkuɗe yadda na same shi:

“Ɗan haya zai riƙe wurin cikin kyakkyawan yanayi, ya gyara duk wata ɓarna, ban da tsufan yau da kullum da ɓarnar ruwan sama ko gobara wadda ba sakacinsa ba ce, kuma za a yi gyaran cikin lokacin da ya dace bayan an ba da sanarwa, in ba haka ba mai shago na iya shiga ya yi gyaran a cire daga kuɗin ajiya da/ko ya soke yarjejeniyar, ba tare da hakan ya taɓa sauran haƙƙoƙinsa ba.”

Jimla ɗaya ce, amma an cusa mata abubuwa kusan bakwai kamar buhun ɗan koli. Irin wannan rubutu ba lallai mugunta ta haife shi ba. Yawanci kwafe ne daga tsohuwar takarda, kowa ya zo ya liƙa nasa, har ya zama wanda ya buga ta ma bai san abin da ta ce ba.

Muka ɗauko farar takarda. Aikin farko shi ne farautar aikatau: riƙe, gyara, ba da sanarwa, shiga, cirewa, sokewa. Kowanne muka ba shi layinsa, muka yi masa tambayoyi huɗu: wa zai yi, me zai yi, yaushe, kuma me zai biyo baya idan bai yi ba. A nan Hausa ta fi tona asiri, domin da zarar ka ga “za a yi” ko “an ba da”, ka san an ɓoye mai aikin. Za a yi gyaran, in ji takarda. Wa? An ba da sanarwa. Wa ya ba wa? Da baki, ko a rubuce, ko saƙon waya ya isa? “Lokacin da ya dace” kuwa, a wurin mai shago kwana uku ne, a wurin tela bayan ɗinkin sallah.

Sai muka iso gurbin da ya fi cin rai: “ɓarnar ruwan sama ko gobara wadda ba sakacinsa ba ce”. Wannan wutsiya ta “wadda ba sakacinsa ba ce”, gobara kaɗai ta bi, ko har da ruwan sama? Idan gobara kaɗai ce, to duk ɓarnar da ruwa ya yi ba ruwan ƙanena, ko da shi ya bar taga a buɗe. Idan duka biyun ta bi, Alhaji na iya cewa ai ka ga silin ya fara jiƙa tun farkon damina ka yi shiru, sakacinka ne, biya. Fassara biyu, kuma bambancinsu zai iya kai kuɗin kafinta da bandir ɗin kwano.

Kada a ɗauka ƙananan mutane kaɗai wannan ke kamawa. A Kanada, a 2006, kamfanonin sadarwa biyu, Rogers da Aliant, sun yi jayayya kan yarjejeniyar amfani da turakun waya, kuma rigimar ta rataya ne a kan waƙafi guda a cikin jimlar da ta yi maganar soke yarjejeniya. Hukumar da ke kula da sadarwa ta fara ba Aliant gaskiya. A 2007 ta sauya fassararta bayan an duba kwafin Faransanci na wannan sashe, inda maganar ta fito sarai. Duk wanda zai riƙe takarda da Turanci da kuma Hausa, ya tuna da wannan.

To, ga abin da ya ba ni mamaki a daren nan. Da muka gama warware jimlar, sai muka ga babu inda ta ce mai shago zai gyara komai. Ta cire wa ɗan haya nauyin ɓarnar ruwa, amma ba ta ɗora shi a kan kowa ba. Ƙanena ya ce, “Ai in ba ni ba ne, shi ne mana.” A hankalce haka ne. A shari'ar haya irin wadda Najeriya ta gada daga Ingila kuwa, asalin ƙa'ida ita ce mai gini ba ya ɗaukar nauyin gyara sai in ya yi alƙawarin hakan a yarjejeniya, ko wata doka ta tilasta masa. Wato kwano na iya yin yoyo a kan shaddar mutane, Alhaji ya ce bai yi alƙawari ba, kuma takarda ta goya masa baya.

A nan ne iyakar take, kuma mutane da yawa ba sa ganinta. Sauƙaƙa magana daban, cike gurbi daban. Muddin kana raba doguwar jimla gida-gida ba tare da ƙara ko rage komai ba, gyaran rubutu kake yi. Ranar da ka rubuta “kwana 14” a inda aka ce “lokacin da ya dace”, ka shiga sabon ciniki, kuma ciniki ba ya ƙulluwa da mutum ɗaya. Don haka duk inda muka cike gurbi, sai na ja layi a ƙarƙashinsa da jan biro, don kada mu ruɗi kanmu cewa abin da takardar ta faɗa ke nan. Ga abin da muka fitar:

(a) Ɗan haya zai gyara, da kuɗinsa, ɓarnar da shi ko yaransa ko abokan cinikinsa suka yi wa ƙofa, taga, daɓe, fenti da wayoyin wuta na cikin shago.

(b) Mai shago zai gyara, da kuɗinsa, kwano, bango da harsashin gini, da duk ɓarnar ruwan sama ko ta gobara, sai dai idan sakacin ɗan haya ne ya jawo ta.

(c) Wanda ya ga ɓarna zai sanar da ɗayan a rubuce. Wanda gyaran ke kansa zai fara cikin kwana 14 daga ranar da sanarwa ta isa gare shi.

(d) Idan ɗan haya bai fara ba, mai shago na iya shiga bayan sanarwar kwana 2, ya yi gyaran, ya nuna rasit, ya cire daga kuɗin ajiya.

Kusan rabin wannan yana da jan layi. Sashen (b) ɗungurungum sabo ne. Mun kuma tsaya kan suna ɗaya ga kowane abu: takardar asali tana cewa “wurin” a nan, “shago” a can, “harabar” a wani shafin, har mutum ya rasa ko barandar da ake ajiye injin ɗinki tana ciki.

Na so in tsaya nan, don na ji daɗin aikina. Amma abubuwa uku sun rage a tsohon sashen waɗanda na share saboda sun yi mini kama da surutu, kuma zuciyata ba ta kwanta ba. Washegari muka je wurin wata lauya. Ta karanta tsohon da sabon gefe da gefe, ta ɗora biro a kan (a) ta ce, “Malam, ina ka kai tsufan yau da kullum?” Wannan furuci, a Turancinsa, kotuna sun daɗe suna fassara shi, kuma shi ke kare ɗan haya daga biyan fentin da ya dushe ko daɓen da ƙafa ta cinye. Na jefar da garkuwar ƙanena ina cewa ina share ƙazanta. Ta mayar da shi.

Na biyu, “ba tare da hakan ya taɓa sauran haƙƙoƙinsa ba”. Ma'anarsa, idan gyara ya ci dubu 180 alhali ajiya dubu 100 ce, mai shago na iya bin cikon dubu 80. Share shi amfanin ƙanena ne, amma lauyan Alhaji zai gani, kuma zai ɗauka wayo aka so yi masa. Gara a faɗa a fili a yi ciniki a kai.

Na uku shi ne sokewa, kuma a nan ta fi daɗewa. Rubuta “ya soke yarjejeniyar” ba ya ba mai shago ikon sa kwaɗo a ƙofa ko cire kwano. Dokokin karɓar gida daga ɗan haya, waɗanda suka ɗan bambanta daga jiha zuwa jiha, sun tanadi sanarwa da zuwa kotu. Kotun Ƙoli ta tsawata wa gwamnatin Legas kanta a 1986, a shari'arta da Ojukwu, kan fitar da shi daga wani gida a Ikoyi da ƙarfi alhali magana tana gaban kotu. Amma kuma yarjejeniya na iya gajarta wa'adin sanarwa: ɗan hayar shekara da doka kan ba wata shida, yana iya sa hannu a kan wata ɗaya bai sani ba. Mai gyaran jimla ba zai hango wannan daga cikin jimlar ba, domin ba a cikinta yake ba.

Daga zaman nan na fahimci inda hannuna ya kamata ya tsaya. Duk sashen da ya taɓa kora, sokewa, tara, tsayawa wa wani, ko jinginar da kadara, na lauya ne. Haka duk abin da ya shafi fili: Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta buƙaci amincewar gwamna kafin a sayar ko a jinginar da filin da ke da takardar mallaka ta gwamnati, kuma hayar da ta wuce shekara uku tana da nata tsarin rubutu da rajista. Idan ɗaya daga cikin masu yarjejeniya ba ya karatu da harshen takardar, akwai bayanin da ake rubutawa a ƙarshe cewa an karanta masa an fassara kafin ya dangwala yatsa, tare da sunan marubucin; rashinsa na iya zama abin jayayya a kotu. Idan kuwa an riga an sa hannu, sabon rubutunka ba shi da ƙarfin komai sai ɓangarorin biyu sun sa hannu a kan gyaran, an kuma duba ko wani sashe yana nuni da “sashe na bakwai” da ka farfasa.

Takardarmu mai jan layi ta rage mana lokaci: lauyar ba ta ɓata awa tana tambayar me muke so ba. Ta ƙara layi guda da ke cewa idan kwafin Hausa da na Turanci suka saɓa, na Turanci za a bi, ta kuma sa aka karanta wa ƙanena duka biyun.

Ranar Juma'a bayan masallaci muka sami Alhaji a zaure. Ya saurari (b) har ƙarshe, ya yi shiru, sannan ya ce kwano da bango nasa ne, ya yarda, amma kwana 14 sun yi masa kaɗan, kafintansa ba ya samuwa da damina. Ƙanena ya ce, “Ranka ya daɗe, to a sa 21.” Aka soke 14 aka rubuta 21, kowa ya sa hannu a gefen gyaran.