Ko Kun Sani?

Idan ɗalibi a Nasarawo, Gombe, ya shiga asusunsa na manhajar hira ta Element a sabuwar waya, tsofaffin saƙonninsa na iya ƙin buɗuwa ko da kalmar sirrinsa daidai take. Dalili kuwa, a hirarrakin sirri kowane saƙo a kulle yake barin wayar mai turawa, makullan kuma suna cikin na'urorin masu hirar, uwar garken Matrix da Element ke amfani da ita ba ta iya buɗe saƙon. Sabuwar wayar ba ta nan lokacin da aka raba makullan, don haka sai an tantance ta daga tsohuwar, ko a shigar da makullin dawo da bayanai, sannan ta same su. Kada ku fita daga tsohuwar waya kafin ku adana wannan makulli.