Daga Hoton Allo Zuwa Aikin da Ke da Mai Shi

A ofisoshi da dama a Abuja, taro kan ƙare ne da ɗaga waya a ɗauki hoton farin allo kafin a goge. Hoton kan kwanta a WhatsApp, kowa na zaton wani ya ɗauki nauyin abin da ke ciki, har ranar biyan bukata ta zo babu abin da aka yi.

Misali shi ne allon kwamitin da ke shirya taron horar da ma'aikata nan da mako uku. Layi uku ne a kai: "zaure", "kuɗin mota?" da "wasiƙu, Jumma'a".

Matakin farko shi ne a kwafe rubutun a ranar, tun mahalarta ba su manta ba, domin allo ba ya riƙe abin da aka faɗa da baki. Inda hasken fitila ya cinye wata kalma a hoton, a tambayi wanda ya riƙe alƙalami, kada a yi hasashe.

Sai tacewa. "Kuɗin mota?" tambaya ce da ba a yanke ba, don haka aikin da ke cikinta shi ne a samo amsa: akawu ta tabbatar da adadin daga wurin darakta. "Zaure" kuwa suna ne kawai, bai ce a yi komai ba. Sai an rubuta shi da kalmar aiki: jami'in mulki ya karɓo farashin zaure uku, ya miƙa wa shugaban kwamiti.

Kowane aiki mutum ɗaya ake ba shi. Idan aka rubuta "sashen kuɗi" ko sunaye biyu, kowa zai jira ɗan'uwansa. Wanda aka ba aikin yana iya neman taimako, amma shi za a tambaya.

Wa'adi kuma kwanan wata ne cikakke. "Jumma'a" na iya zama ta wannan mako ko ta gaba. Ana lissafin ne daga ranar taro a dawo baya. Idan ana son wasiƙun gayyata su fita kwana 14 kafin taron, saura kwana 7 ke nan. Wasiƙar ba za ta fita ba sai da adireshin zaure, saboda haka dole farashi ya iso a kwana na 3, a zaɓi zaure a kwana na 5. A nan ne ake gano ayyukan da ke jiran juna, abin da hoton ba ya nunawa.

Daga nan a aika jerin kafin a tashi aiki, tare da hoton, a nemi kowa ya amsa cewa ya karɓi nasa, ko ya nemi gyara kafin washegari. Shiru ba amincewa ba ne, musamman ga wanda aka rubuta sunansa alhali bai halarci taron ba. Irin wannan, a kira shi a waya. Taro na gaba kuma da karanta jerin ake buɗe shi, layi bayan layi.