Daga Fahrenheit zuwa Celsius: kada lissafi ya ɗora wa yaro zazzaɓi

Ƙaramin ma'aunin zafin jiki na batir, irin wanda ake saye a kemis, yakan nuna 98.6 maimakon 37 idan an saita shi a ma'aunin Fahrenheit, wanda Amurkawa ke aiki da shi har gobe. Ma'aikacin lafiyar da ya wuni yana rubuta irin waɗannan lambobi, alhali takardar rahoto Celsius take nema, ba sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya da kalkuleta ba. Layi guda a Excel ya wadatar.

Lissafin kansa ba wuya. Ruwa yana daskarewa a digiri 32 na Fahrenheit, ya tafasa a 212, tazarar 180 ke nan. A Celsius kuwa daga 0 ne zuwa 100. Ashe kowane digiri 9 na Fahrenheit daidai yake da 5 na Celsius, kuma sai an fara debe 32 ɗin nan kafin a ninka da 5 a raba da 9. Idan lambobin suna jere a ƙarƙashin A, daga gida na biyu zuwa ƙasa, sai a shiga gidan B2 a rubuta:

```
=ROUND((A2-32)*5/9,1)
```

Daga nan a kama ɗan ɗigon da ke kusurwar gidan ta ƙasa a hannun dama, a ja shi har ƙarshen jerin. Shi ke nan.

A kula da bakar da ta kewaye A2-32. Excel yana fara yin sau da rabawa kafin debewa, don haka in aka manta da ita, 98.6 zai koma 80.8. Gwaji mafi sauƙi shi ne a saka 212 a ga ko 100 zai fito, a saka 32 a ga ko 0 ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne lambar 1 ɗin nan ta ƙarshe. Ita ce ke cewa a bar lamba ɗaya tak bayan ɗigo. Ɗauki yaron da ma'auni ya nuna 100 cif. Amsar tsurarta 37.7777 ce, bakwai-bakwai ba iyaka, kuma barinta haka riya ce, tunda na'urar kanta lamba ɗaya take nunawa bayan ɗigo. Sai a taƙaita ta zama 37.8. To, wani zai ce ai gara a share ɗigon gaba ɗaya, takarda ta fi kyan gani. Nan ne ake ɓarna. Yaron da aka auna 99.5 zafinsa 37.5 ne, amma da an mayar da 1 ɗin zuwa 0, Excel zai cike shi zuwa 38. A wurin da ake ɗaukar 38 a matsayin mafarin zazzaɓi, yaron ya shiga jerin masu zazzaɓi ke nan, alhali sai ma'auni ya kai 100.4 ake samun 38 na gaskiya. Zafin gari na rahoton yanayi ana iya cike shi, ba wanda zai cutu don an kira 41.3 da 41. Zafin jikin mutum kuwa a bar masa ɗigonsa.

Akwai kuma gidan da aka bari fayau saboda ba a auna mutum ba. Excel yana ɗaukar gida marar komai a matsayin sifiri, sai ka ga -17.8 a gaban sunan mai rai da lafiya, ya kuma ja matsakaicin jerin ƙasa ba tare da kowa ya lura ba. Maganinsa a sa ya duba ko lamba ce tukuna:

```
=IF(ISNUMBER(A2),ROUND((A2-32)*5/9,1),"")
```

Wannan ba zai kama kuskuren wanda ya rubuta 38.5 na Celsius a cikin jerin Fahrenheit ba. Lamba ce, zai juya ta, ya ba da 3.6. Ido ne kawai zai gane, don haka a bi jerin da kallo: duk abin da ya yi ƙasa da 30 ko ya haura 45 a zafin jiki, a koma wa takardar asali.

'Yan'uwa na Nijar da kwamfutarsu ke kan Faransanci za su tarar ta ƙi karɓar layin farko. A can sunan aikin ARRONDI, kuma waƙafi mai ɗigo ake sawa a tsakani, domin waƙafi shi ne alamar ɗigon lamba a wurinsu:

```
=ARRONDI((A2-32)*5/9;1)
```

In za a fitar da matsakaici, a ɗauke shi daga lambobin asali na jerin A, a juya amsar, sannan a taƙaita sau ɗaya a ƙarshe. Kuma ko bayan an gama, kada a goge jerin A, domin da an goge shi duk amsoshin da ke B za su ɓace tare da shi.