Naira Miliyan 100 da Ayyuka Uku: Wanne Za a Ɗauka?

A ce kamfanin casar shinkafa ya ware naira miliyan 100, ba ƙari, ga kuma ayyuka uku na jira. Injin casa zai ci miliyan 60, abin da zai kawo, idan aka maido shi darajarsa ta yau, miliyan 90 ne. Rumbun ajiya zai ci 50 ya kawo 70, motocin dako su ci 50 su kawo 68.

Masana kuɗi kan raba abin da aiki zai kawo da abin da zai ci, su sami ma'aunin riba. Na injin 1.5 ne, wato kowace naira za ta dawo da naira ɗaya da kwabo 50. Na rumbu 1.4, na motoci 1.36.

Nan ne ake yin tuntuɓe. Wanda ya bi jerin ido rufe zai sayi injin, ya ci ribar miliyan 30, sauran 40 su zauna ba amfani, don ba a gina rabin rumbu. Wanda kuwa ya haɗa rumbu da motoci ya kashe kuɗin kaf, ribarsa miliyan 20 da 18, jimla 38.

Ma'aunin yana aiki ne inda ake iya gutsura aiki. Inda ba hali, dole a gwada duk haɗin da kuɗin zai iya ɗauka, a zaɓi mafi yawan riba. A nan rumbu da motoci sun fi injin da miliyan 8.