Zuzuta Kaya Na Korar Mai Saye

Ƙanena ya so ya sayar da wayarsa ƙirar iPhone 11 don ya cika kuɗin makaranta. Ya ɗora ta a Jiji da Facebook, ya rubuta cewa sabuwa ce dal, babu irinta a duk Kano, batirinta ba ya ƙarewa, orijinal ce ɗari bisa ɗari, kuma farashin bagas na yau ne kawai. Aka yi mako biyu babu wanda ya taya. Mutum ɗaya ne ya yi masa magana, shi ma tambayarsa ita ce ko wayar tana hannunsa da gaske. Abin ya ɓata masa rai, domin wayar lafiyarta ƙalau, shi kuma bai taɓa cin kwabon kowa ba.

Na tausaya masa, amma ban ga laifin masu sayen ba. Ɗan damfara ba shi da kayan da yake talla. Hoton wani ya ɗauko, don haka ba zai iya faɗa maka inda wayar ta ƙarce ko ranar da aka saye ta ba. Abin da ya rage masa shi ne yabo da gaggawa, ya kambama kayan, ya ce wasu na jira, ka turo kafin alƙalami yanzu. Duk wanda aka taɓa cuta ta wannan hanya, ko aka cuci ɗan'uwansa, ya haddace salon. Idan mai gaskiya ya ari bakin 'yan damfara, da su za a haɗa shi.

Muka zauna muka bi tallan jimla bayan jimla, muna yi wa kowacce tambaya ɗaya: mai saye zai iya tabbatar da wannan da idonsa? Muka fara da "sabuwa dal". An fitar da iPhone 11 a 2019, kamfanin Apple ya daina sayar da ita a 2022, kuma duk mai zirga-zirga a kasuwar waya ta Farm Centre ya san tsohuwar ƙira ce. Da zarar ya ga an kira ta sabuwa, zai ɗauka ko kwali aka canza mata, ko kuma babu wayar ma. Muka goge, muka rubuta cewa ya saye ta a hannu, ta shekara biyu a wurinsa.

Maganar batir ta fi ɗaukar mu lokaci, don a nan ya turje. Ita wayar da kanta tana faɗin ƙarfin batirinta a Settings, ƙarƙashin Battery, inda aka rubuta Battery Health. Tasa ta nuna kashi 81 cikin 100. Ya ce wa zai sayi waya mai 81, gara a yi shiru. Na ce masa wannan shi ne abu na farko da mai saye zai buɗe ya duba, kuma da yawa sun san cewa idan ya sauka ƙasa da 80 lokacin canji ya yi. In ka ɓoye, ya gani a gabanka, ciniki ya watse, ka yi asarar kuɗin mota. In ka faɗa tun farko, wanda zai zo ya riga ya amince da hakan. Muka rubuta 81, muka haɗa da hoton allon.

"Orijinal ɗari bisa ɗari" ba ta gaya wa kowa komai, kowane mai jabu ma haka yake cewa. A gurbinta muka sa abin da ake iya gwadawa: girmanta 64GB, Face ID na aiki, ba a taɓa canza gilashi ba, zai cire iCloud ɗinsa a gaban mai saye. Muka kuma ambaci ƙarcewar da ke gefen hagu, ya ɗauki hotonta kusa a hasken rana. Ni a ganina wannan hoton ya fi duk sauran amfani, domin sai mai riƙe da wayar ne zai iya ɗaukarsa.

"Yau kawai" muka share ta baki ɗaya, tare da alamomin motsin rai da ya jera.

Gyaran kalmomi yana da iyaka. Ko talla ya tsaftata, idan farashin ya yi ƙasa sosai da na kasuwa, ko aka nemi a turo kuɗi kafin a ga kaya, zargin zai dawo. Shi ya sa ya zagaya shaguna uku ya ji yadda ake sayar da irinta, ya sa nasa ƙasa kaɗan, ya ƙara da cewa a haɗu a wurin jama'a, a duba, sannan a biya.

Bayan kwana huɗu wani malamin makaranta ya kira shi, suka haɗu a bakin kasuwa. Ya buɗe wurin batir ya ga 81, ya danna *#06# ya gwada lambar da ta fito da wadda ke jikin kwali, ya shafa ƙarcewar da yatsa, ya nemi a yi masa ragi kaɗan. Ƙanena ya rage masa, aka sallama.