Daga Kan Dala: Yadda Ake Kwatanta Wuri Hawa Uku

Duk wanda ya hau Dutsen Dala ya sauko, da wuya ka tambaye shi abin da ya gani bai ce "ai na ga Kano gaba ɗaya" ba. Maganarsa gaskiya ce, sai dai mai sauraro bai ga komai ba. Masu zane da masu ɗaukar hoto sun daɗe da gano maganin wannan, marubuta kuma suka ara daga gare su: a raba abin da ido ya ɗauka gida uku, na kusa, na tsakiya da na nesa, kowanne da irin bayanin da ya dace da shi.

Aikin farko shi ne a tsayar da mai kallo wuri guda, a faɗi inda ya sa gaba. A ce yana saman Dala, ya fuskanci kudu maso gabas, wajen Gidan Rumfa.

Na kusa shi ne abin da hannu zai taɓa ko ƙafa ta taka. Nan ne wurin kaushin jar marmara, da tsakuwar da ke gangarawa in an taka, da busasshiyar ciyawa a tsagar dutse, da akuyar da ake ganin ƙirar jikinta. A wannan hawa kaɗai marubuci ke da izinin ƙirga abu ɗaya bayan ɗaya, ya ambaci wari ko ɗumin dutse a tafin ƙafa.

Na tsakiya shi ne unguwannin da ke shimfiɗe daga gindin dutsen zuwa wajen Kasuwar Kurmi. Rufin kwano mai tsatsa ya haɗe da soraye, lunguna sun zama zare-zare. Ana ganin mutane, amma ba a ganin fuska. Abin da ke isowa ido shi ne launin riga da motsi. Don haka in marubuci ya ce ya hango wata dattijuwa tana murmushi a ƙofar gida can ƙasa, mai karatun da ya taɓa hawa dutsen zai gane ƙari aka yi. Yawanci a nan labari yake faruwa, shi ya sa wannan hawa ke cin jimloli fiye da sauran.

Na nesa kuwa siffa ce da launi kawai: hasumiyoyin babban masallacin Juma'a, da duhun bishiyoyi, da inda gari ya haɗu da sama. Jimla ɗaya ko biyu ta wadatar. Akwai dalilin da ya sa nesa ke dusashewa. Iskar da ke tsakanin ido da abin kallo tana ɗauke da ƙura da tururin ruwa, suna watsa haske, sai abin da ya yi nisa ya koɗe, ya karkata zuwa shuɗi-shuɗi. Leonardo da Vinci ya rubuta wannan ƙa'ida ga masu zane fiye da shekara 500 da suka wuce.

Yanayi shi ke yanke hukuncin hawa nawa za su rage. A Disamba da Janairu, lokacin da iskar hunturu ke kwaso ƙura daga arewa maso gabas, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, hazo kan haɗiye na nesa ɗungurungum. Rana ta zama farin faifai, inuwa ta yi rauni. A watan Agusta kuwa, bayan an ɗauke ruwa, iska ta wanku, hasumiyoyin sai ka ce an matso da su. Hadari ma da hanyarsa: galibi daga gabas yake tasowa, ya fara duhunta na nesa, sannan guguwarsa ta taso da ƙura a unguwanni, kafin ɗigon farko ya sauka a kan dutsen. Marubucin da ya bi wannan jeri ya samu motsi a cikin siffantawarsa ba tare da ya ƙirƙiri komai ba.

Lokaci kuma shi ke juya haske. Da sassafe a hunturu, rana tana fitowa ne kusan ta inda mai kallon ya sa gaba, saboda haka gine-gine duhu-duhu za su bayyana, inuwarsu ta miƙo wajensa. Da tsakar rana inuwa ta gajarce, launuka su koɗe. Bayan la'asar rana ta koma bayansa, ta haska bangon gidaje ja-wur, inuwar Dala da kanta ta kwanta a kan unguwannin gabas. In bakan gizo zai fito a wannan lokaci, a gabas zai fito, domin kullum yana kishiyar rana.

Yawancin kurakurai daga nan suke fitowa: hazo mai kauri tare da hangen masallaci tar, ko rana a gaban mai kallo kuma inuwa tana gudu gaba. Kafin a rubuta jimlar farko, sai a tsayar da abu uku: inda mai kallo ya fuskanta, watan da ake ciki, da inda rana take.